Daga bayan takardar rasit zuwa draw.io

Rabin aikin da muke yi a ɗan shagonmu a Kano ba jan waya ba ne, zama ne a gaban kwamfuta ana mayar da zanen hannu na netwok zuwa zane mai tsafta wanda za a iya buɗewa a gyara gobe. Mu uku ne, ni da yarana biyu, kuma asalin sana'ar haɗa intanet ne da kyamarori a otal da makarantu da ofisoshi. Wannan ɓangaren zanen shi ya shigo da kansa, don duk inda aka kira mu gyara, abu na farko da nake tambaya shi ne ina taswirar netwok ɗin, amsar kuma kusan kullum iri ɗaya ce, sai manaja ya buɗe durowa ya zaro wata takarda da ta sha ninki ya ce ga abin da injiniyan da ya yi aikin ya bari.

Wani otal mai hawa biyu da muka yi wa aiki bara, nasu a bayan takardar rasit aka zana shi da biro. Akwati ɗaya an rubuta MikroTik, wato rawutar da intanet ke shigowa ta cikinta, akwatuna uku an rubuta SW1, SW2, SW3, wato suwic ɗin da ke rarraba wayoyi, sai layuka kamar taliya, wasu sun bi ta kan wasu, ga shatin kofin shayi a kusurwa ɗaya daidai inda aka rubuta adireshin IP. Mai otal ɗin ya ce, injiniya kawai a kwafe min wannan a kwamfuta ya yi kyau, aikin awa ɗaya ne ai. Na ce Alhaji kwafewa kam awa ɗaya ce, amma in na kwafe ƙarya da kyau gobe wani zai yarda da ita fiye da yadda ya yarda da takardar nan, ka bar ni in zaga ginin tukuna. Bai so ba, don kuɗin zagayen daban nake caja da na zanen, amma ya yarda.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne zanen hannu yana ɗauke da abin da ke kan mai zanen a ranar da ya zana, shi ya san me yake nufi, kai ba ka sani ba. A takardar nan akwai layi da ya taso daga SW1 ya bi ta gefen SW2 ya ƙare a SW3, to shin ya shiga SW2 ne ya fita, ko wucewa kawai ya yi don takarda ta yi masa kaɗan? Bambancin ba ƙarami ba ne, in ta cikin SW2 ya bi, ranar da SW2 ya mutu hawan sama gaba ɗaya ya tafi. Sannan adireshin da shayi ya ɓata, 192.168.1.1 ne ko 192.168.7.1, mutumin yana rubuta 1 da ɗan ƙugiya kamar 7. Irin waɗannan ba na yin cinta a kansu, jan biro nake ɗauka in zagaye kowanne a kan fotokwafi in sa masa lamba, wannan takardar ta ba ni tambayoyi tara.

Sai a tambayi na'urorin da kansu, su ba sa mantuwa. Na shiga rawutar na buga

```
/ip neighbor print
/ip address print
```

na farkon ya nuna min maƙwabtan da ke sanar da kansu da kuma fot ɗin da aka gan su a kai, na biyun ya kashe gardamar 1 da 7, bakwai ce. SW3 kuwa ashe kai tsaye yake rataye a SW1, layin wucewa ya yi. Amma fa umarnin farkon na'urar da ke magana kawai yake gani, ƙananan suwic ɗin nan masu fot biyar ko takwas da ake saya a kasuwa, waɗanda ba a shiga cikinsu, ba za su taɓa fitowa a jerin ba, kurame ne.

Nan ne inda aikin ya yi daɗi. A takardar, an ja layi ɗaya miƙaƙƙe daga SW2 zuwa kyamarar bakin get, an rubuta CAM GATE. Ni da na taka daga ɗakin na'urori zuwa get na san akwai magana, tafiyar ta haura mita 130 in ka bi katanga yadda waya za ta bi, ita kuma wayar CAT6 iyakarta mita 100, bayan nan sai dai sa'a. SW2 ɗin shi ma na MikroTik ne, sai na duba adireshin MAC, lambar shaidar da kowace na'ura ke da tata, da yake gani a kowane fot da `/interface bridge host print`, fot ɗin da ya kamata ya nuna kyamara ɗaya tal, ether18, sai ga adireshi huɗu. Waya ɗaya ba ta haihuwa, dole akwai suwic a tsakani. Na tura ƙaramin yaron ya bi wayar da tsani, can sai ya kira ni, Oga zo ka gani, a cikin silin ɗin ɗakin maigadi an ɗaure wani ƙaramin suwic mai PoE, irin mai ba kyamara wuta ta wayar netwok, da wayar ƙarfe, ƙura ta rufe shi, kyamarori uku da na'urar wayafai ɗaya duk a jikinsa suke. Kuma an jona shi a soket ɗin ɗakin maigadi wanda ba ya kan inbata, shi ya sa duk sanda aka ɗauke wuta kyamarorin get suke mutuwa har sai an tada janareta, abin da manaja ya ce min ya fi shekara suna zargin kyamarorin da shi, har sun canza ɗaya.

Ko bayan wannan ba na buɗe manhajar zane tukuna. Tebur nake fara yi, layi ɗaya ga kowace waya, daga wace na'ura, wane fot, zuwa wace na'ura, wane fot, wace irin waya, tsawonta kusan nawa. Otal ɗin ya ba mu na'urori 31 da wayoyi 34, alhali takardar Alhaji akwatuna 19 ne a cikinta. Teburin nan shi ne ma'aunin zanen, in na gama sai in ƙirga layukan da ke sikirin, in ba su kai 34 ba na san na tsallake wani abu.

Mu draw.io muke amfani da shi, kyauta ne kuma wanda ake saukewa a kwamfuta yana aiki ba data, Visio sai in kwastoma ya nace don shi ofishinsu ke da shi. A ƙasan hagu akwai More Shapes, a nan ake kunna hotunan na'urorin netwok, irin su Cisco da Network da Rack. Shawarata a ɗauki iri ɗaya a tsaya a kai, ba rawuta ta wannan gida suwic na wancan gida ba, zanen sai ya koma kamar kayan gwanjo.

Maganar a iya gyarawa kuwa, duk tana kan layukan ne. Lokacin da babban yaron ya fara koyo, ya kawo min zane mai kyau ƙwarai, komai a jere, na sa linzami na ja suwic ɗaya gefe, sai suwic ya tafi ya bar layukansa takwas a tsaye a sarari kamar ƙafafun gizo. Ya zana layi ne ya ajiye bakinsa kusa da akwatin, bai maƙala ba. A draw.io in ka kai linzami kan na'ura za ka ga ƙananan alamun x a gefenta, daga nan ake jawo layi, in ka sake shi lokacin da na'ura ta biyu ta yi shuɗin zagaye layin zai riƙa zamewa a gefenta yana neman hanya mafi kusa, in kuma ka sake shi a kan ɗigon da ya yi kore to ya kafe a nan. Ni na fi son kafaffen a wajen suwic, don in jera wayoyin bisa lambar fot. Lambar fot ɗin ma haka, a kan layin ake danna sau biyu a rubuta, a ja rubutun zuwa bakinsa, ba a ɗauko akwatin rubutu daban a ɗora a kai ba, in ba haka ba ranar da aka matsar da abu ether18 zai zauna a kan wata wayar. Gwajin da nake yi kafin aiki ya fita shi ne in ja kowace na'ura ɗaya bayan ɗaya in ga ko wayoyinta sun biyo ta. Inda layi biyu dole su gitta juna kuma sai a sa Line jumps a kan Arc, layin ya yi ɗan tsalle, kada wani ya sake yin tambayar da na yi a kan SW2.

Shafi biyu nake yi a fayil ɗaya. Na farko na jiki, wace waya ta shiga ina, a wane ɗaki, a wane hawa, intanet a sama, rawuta a ƙarƙashinsa, suwic a ƙasa, haka har zuwa kyamarori. Na biyu na tsari, yadda aka raba netwok ɗin gida-gida, VLAN ɗin baƙi da na ofis da na kyamara, kowanne da jerin IP ɗinsa. Na taɓa cusa su a shafi ɗaya a farkon sana'a, da aka buga a A4 ni kaina sai da na ƙanƙance ido. Kalmar sirri kuwa ba ta shiga zane ko da Alhaji ya roƙa, don takardar a bango za a liƙa ta, kowa da ke shiga ɗakin zai gani.

Wajen miƙawa, PDF na bugawa ne, fayil ɗin `.drawio` shi ne ainihin kayan da aka biya. Ana iya fitar da PNG a sa alama a Include a copy of my diagram, hoton ya zama ana iya buɗe shi a gyara, amma in aka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto to an gama, matse shi yake yi abin da ke ciki ya ɓace, sai dai a tura shi a matsayin Document. Na sha faɗa wa manajoji wannan har na gaji, yanzu filas nake haɗa musu da shi. A kusurwar zanen ina sa kwanan wata da lambar gyara, na otal ɗin nan yana gyara na uku yanzu, na biyun ranar da muka jawo wa suwic ɗin silin wuta daga inbata muka sa masa suna SW4, na ukun da suka ƙara ɗakuna shida a baya, wannan manajan ne ma ya buɗe fayil ɗin da kansa ya kira ni yana tambayar wane fot ne babu kowa a SW3, na ce duba tebur, 21 zuwa 24.