Yadda tsohon direban allo ya ƙi barin kwamfutata

Ina da ɗan shagon buga takardu a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma laftof ɗaya ce ke ɗauke da dukan aikin. Ta daɗe a kan Windows 7, wanda aka daina sabunta shi tun watan Janairu na 2020, sai na ɗaga ta zuwa Windows 10 ba tare da na goge komai ba, don kada in rasa takardun mutane. Washegari, ina tsakiyar buga wa wani dattijo takardar cinikin gona, allon ya yi ƙyafta sau biyu, ya koma shuɗi, ya nuna VIDEO_TDR_FAILURE, kwamfutar ta sake tashi da kanta. Dattijon ya ce, "Yaro, ko wutar solar ce ta yi ƙasa?" Na ce, "A'a Baba, matsalar daga ciki take."

Saƙon yana nufin direban allo, wato ƙaramar manhajar da ke tsakanin Windows da na'urar da ke zana hoto, ya daina amsawa kuma an kasa farfaɗo da shi. Na buɗe Device Manager, na duba kwanan watan direban, na tarar na zamanin Windows 7 ne, ya biyo ni cikin sabon tsarin. Na danna Uninstall device, na sake kunna kwamfutar, sai ga shi ya dawo da lambarsa da kwanan watansa. Sau uku ina yin haka, kamar mai sare tumfafiya ya bar saiwarta a ƙasa.

Kuskuren nawa ne, domin ban fahimci cewa cire na'ura daga Device Manager daban yake da goge direbanta ba. Windows yana ajiye kwafin kowane direban da aka taɓa sakawa a wani rumbu mai suna DriverStore, kuma duk lokacin da ya ga na'ura ba direba, can yake fara dubawa. Idan ya tarar da fiye da ɗaya, yana fifita wanda aka rubuta da ainihin lambar shaidar na'urar a kan na gama-gari, wanda ya dace da ita a dunƙule kawai. Saboda haka muddin tsohon yana cikin rumbun, ko da shi ne ke kawo matsalar, na gama-garin ba zai samu shiga ba. Akwai ɗan akwati a tagar cirewar mai cewa Delete the driver software for this device, ni kuwa ban taɓa sa masa alama ba. Ko da na sa, na yanzu kaɗai yake gogewa, sai wani tsohon da ke ƙarƙashinsa ya taso.

A karo na huɗu na bi abin a tsanake. Na fara da yin restore point, wato ajiye yanayin tsarin don in iya komawa gare shi idan wani abu ya ɓaci, sannan na katse intanet, don kada Windows Update ya sauko da wani direban kafin in gama, ya kuma cinye mini data. Na cire manhajar saita allon da ta zo da tsohon direban daga Programs and Features, na riƙe Shift na danna Restart don in shiga Safe Mode, inda ba a loda direban allon. A can na buɗe Command Prompt da ikon administrator na rubuta:

```
pnputil /enum-drivers
```

Jerin ya yi tsawo, amma abin da nake nema shi ne waɗanda Class Name nasu ya nuna na allo ne. Biyu na samu, oem9.inf da oem23.inf, na rubuta su a takarda tare da lambobinsu kafin in taɓa komai, sannan na goge su ɗaya bayan ɗaya:

```
pnputil /delete-driver oem9.inf /uninstall /force
```

Waɗannan sunayen na kwamfutata ne kaɗai, domin Windows ne ke raba lambobin, kuma oem9.inf a wata kwamfutar yana iya zama direban Wi-Fi ko na ma'ajiyar bayanai. Wanda ya goge na ma'ajiyar bisa kuskure yana iya wayar gari kwamfutarsa ta ƙi tashi gaba ɗaya, shi ya sa nake karanta Provider Name da Class Name sau biyu kafin in danna Enter.

Da ta tashi, Device Manager ya nuna Microsoft Basic Display Adapter, wato direban gama-gari, kuma tun daga ranar allon bai sake yin shuɗi ba, wanda ya sa na fi zargin tsohon direban a kan na'urar. Sai dai na gama-garin yana da iyakarsa. Maɓallan rage hasken allo sun daina aiki, batir yana saurin ƙarewa, abin da ba ƙarami ba ne ga mai dogaro da sola, kuma talabijin ɗin da nake haɗawa ta HDMI ta ƙi nuna komai. Na yi mako biyu a haka ina buga takarduna, sannan ranar da na shiga Ringim, inda sabis ya fi ƙarfi, na bar Windows Update ya sauko da direban da aka yi don Windows 10, ya zauna a rumbun da babu sauran tsohon da zai yi jayayya da shi, hasken allon kuma ya sake raguwa idan na danna maɓallinsa.