Ragin farashi bayan biki: yi lissafi kafin ka rubuta talla

Idan manyan bukukuwa suka wuce, kasuwa takan yi sanyi, domin mutane sun kashe abin hannunsu, wasu ma da bashi a wuyansu. Abin da yakan fara zo wa sabon ɗan kasuwa a rai shi ne ya karya farashin komai ya yi shela. Ni ma haka na yi a farkon sana'ata. Na sanar da ragin kashi 20 cikin ɗari a kan dukkan kayana, aka yi ta ɗiba ina murna, sai da na tashi saro sabon kaya na ga kuɗin ba za su mayar da abin da ya fita ba.

Dalilin yana cikin lissafin da ban yi ba. A ce ka saro kaya a 70 kana sayarwa a 100, ribarka 30 ce. Idan ka rage kashi 20 cikin ɗari, farashi ya koma 80, riba kuma ta koma 10, saboda ragin daga ribarka kaɗai yake fita, kuɗin sari ba ya motsi. Ke nan sai ka sayar da guda uku kafin ka samu abin da guda ɗaya yake ba ka a da. Wa zai ninka cinikinsa sau uku a watan da aljihu ya bushe? Don haka kafin kowane ragi, ka lissafa sau nawa sabuwar riba za ta shiga cikin tsohuwar. Abin da ya fito shi ne yawan ninkin cinikin da kake bukata kafin ka tsaya inda kake. Idan ya kai biyu, shawarata ka fasa, sai dai a kan ragowar kayan biki da yayinsu ke wucewa, waɗanda gara a mayar da su kuɗi ko da a farashin sari.

Akwai wata ɓarnar da ba ta nunawa da wuri. Yawancin waɗanda suka ɗebi kayana tsofaffin abokan ciniki ne da za su saya ko babu ragi. Alamar da za ta nuna maka ka faɗa wannan tarko ita ce ranar da wanda bai taɓa taya kayanka ba ya tambaye ka, "Yaushe za a sake yin ragi?" Ka koya masa jira ke nan.

Abin da ke damun mai saye a wannan lokaci shi ne yawan kuɗin da zai fitar a lokaci guda, saboda haka nan ya kamata tallarka ta nufa. Idan kayan na rabuwa ne, ka ƙulla shi ƙanana, ka bar farashin awo yadda yake. Idan ba ya rabuwa, ka karɓi biya kaɗan-kaɗan: mutum ya ajiye kashi ɗaya bisa uku, a rubuta sunansa da ranar cikawa da yadda za a mayar masa da kuɗinsa idan ya kasa, kaya kuma ya zauna a hannunka har sai ya kammala. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya raba tsarin da bashi, kada ka sassauta shi don kunya.

Idan kuwa dole sai ka ba da wani abu, gyara ta fi ragi sauƙi. Ƙaramin abin da kake sayarwa a 10 wataƙila a 7 ka saro shi, mai saye zai ga ya samu 10, kai kuwa 7 ka rasa, ribarka a kan kayan 100 ɗin nan ta tsaya a 23.

Sai maganar kalmomi, inda mutane da yawa ke tuntuɓe. Kada ka rubuta "rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi" ko "mun san babu kuɗi", domin ba wanda yake son a gan shi yana amsa kiran da ya tona masa asiri. "Gagarumar garaɓasa" ma ba ta gaya wa kowa komai ba. Talla mai aiki tana faɗin kayan, da abin da za a samu, da dalili, da ranar rufewa. Misali: "Ragowar kayan biki ne, muna so mu kwashe kafin sabon kaya ya iso. Farashin sari, zuwa ranar Asabar." Ko kuma: "Zaɓi abin da kake so, ka ajiye kashi ɗaya bisa uku, mu adana maka har ƙarshen wata." Faɗin dalili yana hana a zaci kayan na da aibi ko dama tsada kake yi. Ranar rufewa kuwa, idan ta zo ka mayar da farashi yadda yake ko da kaya ya rage, domin idan ka ƙara wa'adi sau ɗaya, ba wanda zai yi gaggawa a tallarka ta gaba.