Harafi ɗaya ya kusa raba mu da ɗakin kwana a Voronej ta ƙasar Rasha

Malamarmu ta shekarar share fage, shekarar da ɗalibai ke kira padfak, takan ce mu baƙi muna jin tsoron haruffan Rashanci a banza, domin haruffa aikin mako biyu ne, abin tsoron yana ƙarshen kalma. Gaskiyarta. Duk wanda ya yi nahawun Larabci a zaure ya san yadda Zaidun ke komawa Zaidan ko Zaidin gwargwadon matsayinsa a jimla. To Rashanci haka yake, sai dai nasu matsayin shida ne, suna kiran kowanne padej, kuma ba a ɗauke wa kowa su, ko a kasuwa ko a asibiti.

Mu baƙi da lamba ake koya mana su. Ga kalmar ɗan'uwa, brat, na rubuta da bokonmu don sauƙi. Na ɗaya shi ne mai aikatawa: brat. Na biyu mallaka ko rashi: kniga brata, littafin ɗan'uwa. Na uku wanda aka miƙa wa abu: bratu. Na huɗu wanda aiki ya faɗa kansa: brata kuma, domin namiji mai rai yana aron siffar na biyu. Na biyar abin da aka yi aiki da shi ko abokin tafiya: bratom. Na shida yana zuwa ne bayan kalmomi irin su "a kan" da "game da": o brate. Littafi kuwa, da yake kalmar mace ce a wurinsu, tafiyarsa daban: kniga, knigi, knige, knigu, knigoy, knige.

Haddar wannan jadawali ba ta ba ni wahala ba, mu da aka raina da hadda. Matakin farko ma na jera kalmomi yadda suke cikin ƙamus bai daɗe ba, domin nan take ake gane shi. A Hausa idan ka ce "na ba ɗan'uwana littafi", jerin kalmomin ne ya nuna wa ya karɓa, mene ne aka bayar. Ka kwashe wannan jerin ka zuba a Rashanci, ya dal brat kniga, sai Barashe ya ji masu aikatawa uku a tsaye, ni da ɗan'uwa da littafi, ba wanda ya karɓi komai. Daidai shi ne ya dal bratu knigu, kuma kana iya juya shi ka ce knigu bratu dal ya, wanda ya bayar da wanda ya karɓa ba su sauya ba, nauyin magana ne kawai ya koma kan "ni". Jimlar farko ba ta cutar da kowa, dariya za a yi maka a ce ka sake.

Wadda ke cutarwa ita ce jimlar da kowane ƙarshe nata yake daidai a nahawu, amma tana faɗin abin da ba ka nufa ba. A nan na sha wuya.

A cikinmu 'yan Arewa akwai wani ɗan tebur da ake gadar wa sababbin zuwa, wanda ke haɗa ƙananan kalmomin Hausa da padej: -n da -r na mallaka su ne na biyu, "wa" da "ma" su ne na uku, "da" shi ne na biyar, "a" shi ne na shida. Teburin yana aiki sau da yawa, shi ya sa mutum ke sakin jiki da shi. "Na rubuta wa Musa" ya napisal Muse ne, "na saya wa Musa" ya kupil Muse ne, duk na uku. Wa zai yi zargin wani abu?

Ɗan baffana ya makara wajen dawowa daga hutu saboda takardun biza, lokacin biyan kuɗin ɗakin kwanan ɗalibai kuma ya zo. Na biya masa daga aljihuna, amma rasit ya fito da sunana, don haka a littafinsu shi har yanzu ana binsa bashi. Aka ce in rubuta takardar koke, zayavleniye, a gyara. Kan takardar ma kansa jarrabawar padej ne: wanda ake rubuta wa yana na uku, direktoru, kai mai rubutu kana na biyu bayan ot, wato ot studenta. Na yi waɗannan daidai har ina jin kaina. Sai jimlar da ta fi kowace muhimmanci, "na biya wa ɗan'uwana kuɗin ɗaki". Akwai "wa", to na uku ke nan. Na rubuta ya zaplatil bratu za komnatu, na sa hannu, na miƙa.

Ma'anar wannan jimla a Rashanci ita ce: na biya ɗan'uwana kuɗi saboda ɗaki. Wato shi na damƙa wa kuɗin, shi ne mai ba da hayar. Sayar da gado ko ba da shi haya a ɗakin kwanan ɗalibai laifin kora ne, ga shi kuma na kai musu shaida da hannuna da sa hannuna.

Matar da ke kula da ginin, kamandan muke ce mata, ta sa aka kira ni. Takardar tana gabanta, ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin bratu, ta ɗora yatsa a kan harafin ƙarshe.

"Nawa yake karɓa a hannunka duk wata?"

Na ce ban gane ba, ai ba ya ma ƙasar.

"To ba ya nan, shi ya sa ya ba ka gadonsa haya? Kai ka rubuta. Komu zaplatil? Bratu."

Wa ka biya? Ɗan'uwa. Tambayar da amsar duk suna cikin takardata. Sai da na ɗauko rasit ɗin banki, na nemo wani ɗan Nijar da ya daɗe a garin ya tsaya min tafinta, sannan aka yarda ba haya ba ce. Kafin nan an riga an toshe katin shigar ɗan baffan nawa, ya sauka daga jirgin ƙasa cikin sanyin Nuwamba ya tarar ƙofa ba ta buɗe masa. A ɗakin wasu abokai ya yi ta raɓawa har aka warware. Har yau idan muka haɗu a gida "mai gidan haya" 'yan'uwa ke kiransa, shi kuwa bai taɓa ganin abin dariya a ciki ba.

Abin da ya kamata in rubuta shi ne ya zaplatil za brata, wato za tare da padej na huɗu, biya a madadin wani. Abin da ke ƙona min rai kuwa, Hausa ta riga ta raba waɗannan biyun sarai. "Na biya Musa" daban, "na biya wa Musa" daban, ko yaro ya sani. Rashanci ma ya raba su, amma a juye: jimlar da ba ta da "wa" ita ce ke ɗaukar na uku, mai "wa" ɗin kuma ta tafi wani wuri can. Teburin namu ya kai ni daidai kishiyar abin da nake nufi.

Bayan wannan na zauna na bi "wa" ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, na ga ayyuka uku yake yi mana a Hausa. Yana nuna wanda aka miƙa wa abu, yana nuna wanda aka yi abu a madadinsa, yana kuma nuna wanda aka cuta. Na farkon ne kawai ke tafiya lafiya da padej na uku. "An sace wa Musa waya" a Rashanci u Musi ukrali telefon ne, da na biyu. Ka ce Muse ukrali telefon, ka mai da Musa wanda aka sato wa waya aka kawo masa, ka ga ka tura mai ƙara cikin ɓarayi. "Na gode wa Musa" da aikatau blagodarit na huɗu yake so, Musu. A ɗaya ɓangaren kuma, "na taimaki Musa" da "na kira Musa a waya" ba su da "wa" ko ɗaya, amma a Rashanci duka biyun na uku ne: pomog Muse, pozvonil Muse.

"Da" ya fi haka rikici, amma kurakuransa sun fi ba da dariya. Yanka nama da wuƙa nojom ne kawai, ƙarshen kalmar ya ɗauke aikin "da", ba a ƙara komai. Idan ka ƙara s ka ce s nojom, ka zama mutum riƙe da wuƙa, wanda ba abin faɗa ba ne a gaban ɗan sanda. Tafiya da ɗan'uwa ita ce ke buƙatar s bratom. "Ina da kuɗi" kuwa ba ruwansa da na biyar, u menya yest dengi ake cewa, kamar "a wurina akwai kuɗi", idan babu kuma kuɗin da kansu su koma na biyu, u menya net deneg.

Yanzu idan ƙananan ɗalibai suka kawo min wannan tebur, cewa nake su yage layin "wa" da na "da". Padej ba daga kalmar Hausa yake fitowa ba, aikatau na Rashanci ne ke zaɓarsa, ko ƙaramar kalmar da ke gaban suna. Don haka ba na haddace aikatau tsirara. Platit, wato biya, ba ya shiga littafina sai da tambayoyinsa: komu, wa aka miƙa wa, za kogo, a madadin wa, za shto, kuɗin mene ne. Ƙamus mai kyau yana rubuta waɗannan tambayoyi kusa da kalmar, da can tsallake su nake yi ina ɗauka ado ne. Duk takardar da zan sa wa hannu kuma sai na yi mata abin da kamandan ta yi min, in ɗora yatsa kan kowane suna in tambayi kaina da Rashanci wace tambaya yake amsawa. Da na yi wa bratu haka, da na ji amsar da bakina kafin ta ji.

A kula da sunayenmu ma, don ba duka suke lanƙwasuwa ba. Musa da Binta suna bin hanyar kniga, Ibrahim yana bin hanyar brat. Amma Sani da Audu ba sa sauya ƙarshe ko kaɗan, haka sunan mace da ya ƙare da baƙi irin Maryam ko Zainab. Idan irin waɗannan suka haɗu biyu a jimlar kuɗi, babu ƙarshen da zai nuna wa ya ba wa, don haka nakan sa wata kalma mai lanƙwasuwa a gaban sunan, in rubuta studentu Sani ko za studenta Sani, yadda mai karatu ba zai yi hasashe ba.