Yadda na gano ruwan kashi 1 ya fi na kashi 1,5 tsada

Bara kafin zafi ya kama nake son in sa babban firiza da batir a shagona da ke nan Zango, sabida duk wanda ya san Damagaram a watan Afirilu da Mayu ya san ƙanƙara da zoɓo mai sanyi ba sa kwana. Abin da na tara bai kai ba, saura jaka 600, to sai na shiga asusun bada rance guda biyu in ji sharaɗinsu. Duka wata 12 ne za a biya. Na farko suka ce ruwansu kashi 1 cikin ɗari a wata, na biyu suka ce kashi 1,5. Ni a raina magana ta ƙare, 1 ai ya fi 1,5 sauƙi, har na karɓi takardun na farkon na ce jibi zan dawo in sa hannu.

Maganar halacci ko haramcin kuɗin ruwa ta dame ni, kuma har yanzu ba ta bar ni ba, amman wannan ta malamai ce, ni lissafin kawai zan faɗa sabida mutane da yawa suna shiga ba su san nawa za a cire musu ba.

Da dare na je gaida kawuna a Birni, tsohon mushe ne, ya yi shekaru yana koyar da lissafi. Na ba shi labari ina murna sai ya ce "kai yaro, kashi 1 na mene ne? Na kuɗin da suka ba ka ranar farko, ko na abin da ya rage a kanka?" Na ce "Kawu ai duk ɗaya ne." Ya ce in ɗauko kaye da bik.

Muka fara da na farkon. Su ruwansu tsayayye ne, wato kullum a kan jaka 600 ɗin farko ake lissafa shi ko da ka biya rabi. Kashi 1 na 600.000 shi ne 6.000, sau wata 12 ya zama 72.000. Uwar kuɗin kuma a raba ta 12, jaka 50 kowane wata. Kenan duk wata zan kai 56.000 ba ƙari ba ragi, a ƙarshe na biya 672.000.

Sai na biyun, wanda a takardarsu suke kira degiresif, mai raguwa kenan. Nan ma jaka 50 ake cirewa daga uwar kuɗi duk wata amman ruwan a kan abin da ya rage ake ɗora shi. Watan farko ana bi na 600.000, kashi 1,5 ɗinsa 9.000, zan kai 59.000. Wata na biyu saura 550.000, ruwa 8.250. Na uku saura 500.000, ruwa 7.500. Ka ga duk wata ruwan yana sauka da sefa 750, dala 150 kenan a bakinmu (kawu ya hana ni lissafi da dala a takardar, ya ce nan ake ruɗewa, komi a rubuta da sefa kamar yadda bankin ya rubuta). Haka yake ta sauka har watan ƙarshe da ake bi na jaka 50 kawai, ruwansa 750, in kai 50.750 shikenan.

Na fara tara layi goma sha biyun ɗaya bayan ɗaya sai ya ce ba sai na wahala ba, tunda saukar daidai take kowane wata, a haɗa ruwan farko da na ƙarshe a raba biyu a ninka da yawan watanni. 9.000 da 750 sun zama 9.750, rabinsa 4.875, sau 12 ya ba da 58.500.

Wallahi sai da na sake yi da kalkuletar salula sau biyu. Mai kashi 1 zai ci 72.000, mai kashi 1,5 zai ci 58.500, tsakaninsu 13.500.

Abin da ya sa na gane dalilin sosai shi ne da ya nuna mini watan ƙarshe. Ya ce a tsarin tsayayye, a wata na 12 jaka 50 kaɗai ta rage a hannunka amman har yanzu 6.000 kake biya a kanta, wannan ai kashi 12 ne a wata guda, sauran jaka 550 da ka riga ka mayar musu tuntuni ana ci gaba da karɓar hayarsu kamar suna aljihunka. Idan aka duba shekarar gaba ɗaya ba jaka 600 ka riƙe ba, yau 600 gobe 550 har zuwa 50, tsaka-tsakinsu 325.000 ne. Ka ɗora 6.000 a kan 325.000 za ka samu wajen kashi 1,8 a wata. To shi ne ainihin farashin wancan "kashi 1" ɗin, ya kusa ninki biyu, kuma duk rancen shekara guda mai ruwa tsayayye da ake biya wata-wata haka abin yake fitowa.

Amman ba zan ɓoye ba, mai raguwa yana da nasa nauyin. Wata huɗun farko ya fi ɗayan yawa, 59.000 da 58.250 da 57.500 da 56.750, sai a wata na biyar su yi daidai a 56.000, daga nan ne kake fara jin sauƙi. Kuma farkon nan ne ka sayi kaya aljihu ya bushe. Ni na ga zan iya ɗauka don watannin farkon za su faɗo cikin zafi lokacin da ciniki ke gudu, in da a hunturu ne zan karɓa da sai na sha wuya.

Da na koma asusu na biyun na ce wa matar da ke gishe "Hajiya don Allah a fitar mini da tabulon biya kafin in sa hannu", ta fitar, sai na ga wani abu daban da namu, duk wata 55.008 ne bai canzawa. Gabana ya faɗi na ɗauka tsayayyen ne suka sake wa suna. Na kai wa kawu ya ce in daina kallon jimilla in kalli layin ruwa. Watan farko 9.000, na biyu 8.310, yana ta sauka, layin uwar kuɗi kuma yana hawa daga 46.008. Wato mai raguwa ne, sun daidaita biyan ne kawai don kada farkon ya yi nauyi. Ƙanena da ke aiki a siber ya gwada a Excel na faransanci:

```
=VPM(1,5%;12;-600000)
```

ya fito 55.008 ɗin. Sau 12 ya kama 660.096, ruwa 60.096 kenan. Ya ɗara lissafinmu na kaye da wajen 1.600 sabida uwar kuɗin tana sauka a hankali da farko, amman har yanzu yana ƙasa da 72.000 da kusan jaka 12, kuma ko a biyan wata ma ya fi 56.000 sauƙi. Tun daga ranar in aka miƙo mini tabulo layin ruwa nake fara dubawa, in lamba ɗaya ce daga sama har ƙasa na san tsayayye ne ko me suka kira shi.

Inda na yi sakaci shi ne kuɗin dosiye da inshora. Ban tambaya ba sai ranar karɓa, aka cire jaka 12 tun a gishe aka ba ni 588.000, ruwa kuma a kan 600.000 yake tafiya. Da na haɗa, rancen ya ci mini 72.096. Ɗaya asusun ma suna da nasu kuɗin dosiyen a kan 72.000 ɗinsu don haka zaɓin bai canza ba, sai dai jaka 12 ɗin ta sa na je wajen mai firiza a kasuwar Dole kuɗina bai cika ba, sai da yayana ya cika mini na mayar mishi bayan sati uku.