Faɗuwar murfin tukunya ba gwajin kunne ba ce

Ɗiyar yayana ta haihu, aka gwada kunnen jaririn kafin a sallame su, takardar ta fito da REFER, wato bai wuce gwajin ba, a kunnuwa biyu, aka ce ta dawo da shi. Yaron ya kusa wata uku na tsinci takardar a ninke a ƙasan jakar kayansa. Da na tambaye ta, sai ta yi dariya ta ce, "Haba Gwaggo, ai yana ji. Bari ki gani." Ta saki murfin tukunya a ƙasa, yaro ya zabura, ta dube ni kamar ta kashe magana. Jikina ya yi sanyi, domin da irin wannan gwajin na yaudari kaina a kan ɗana na fari.

Ɗana ya yi ciwon shawara mai tsanani a makonsa na farko, har aka kwantar da shi a ɗakin jarirai, aka kuma yi masa allurar jentamaisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Dukkan ukun nan, shawara mai tsanani, kwanciya a ɗakin kulawa fiye da kwana biyar, da irin wannan allura, suna cikin abubuwan da kan taɓa ji. Babu wanda ya gaya mini, kuma inda na haihu ba a gwajin kunne a lokacin. Wannan uzurina ne, na daɗe ina riƙe da shi. Amma uzurin bai wuce wata tara ba, domin a nan na fara gani da idona.

Da farko babu abin da za a gani. Jaririn da ba ya ji sosai yana kuka, yana dariya, yana gwaranci irin na "aaa" da "uuu" kamar kowane jariri, domin wannan ba ya buƙatar kunne. Bambancin yana fitowa ne daga wata shida zuwa goma, lokacin da mai ji yake fara jera "ba-ba-ba" da "da-da-da", yana sauraron kansa yana gyarawa. Ɗana bai jera ba. Gwarancin ma raguwa ya yi, ya zama yaro shiru-shiru, mutane na yaba masa haƙuri, ni kuma ina jin daɗin yabon. In na shigo ta bayansa na kira sunansa ba ya juyowa, sai na zagayo ya gan ni ya yi firgigit. Ya kan kafa wa bakina ido in ina magana, na ɗauka ƙauna ce. Duk sanda zuciyata ta raya mini wani abu, sai in tafa hannu ko in buga ƙofa, ya juyo, in ce alhamdulillahi. Aka ce mini maza ba sa saurin magana, aka ce mahaifinsa ma haka ya yi. Na karɓa, domin abin da nake son ji ke nan. To wace uwa ce za ta tafi neman labarin da ba ta so? Haka nake ce wa kaina, amma na san uwar da ta tafi, kuma na ga yadda 'yarta take magana yau.

Ya haura shekara biyu da rabi kafin a auna shi. Aka ce raunin jinsa ya kai wajen desibel 60 a kunnuwa biyu, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Ma'aikaciyar ta yi mini bayanin da har yau nake maimaita wa mutane. Hira ta yau da kullum tana wajen desibel 50 zuwa 60, buga ƙofa ko faɗuwar ƙarfe kuwa kan kai 80 ko fiye. Ashe ƙarar yana jin ta sarai, maganata ce take iso masa kamar daga bayan bango, sautuka marasa ƙarfi irin "s" da "f" da "sh" kuwa ba sa isowa sam. Ga kuma iskar tafi da inuwar hannu da girgizar daɓe, waɗanda ko yaron da ba ya ji kwata-kwata zai juyo saboda su.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lokacin. Kunne yana fara aiki tun a ciki, a watannin ƙarshe, kuma ƙwaƙwalwa tana gina hanyoyin harshe ne da abin da ya shigo mata a shekarun farko. In bai shigo ba, hanyoyin ba sa jira, kuma bayan shekara uku zuwa huɗu gina su yana ƙara wuya. Wani bincike da aka wallafa a 1998 kan yaran jihar Kolorado ta Amurka ya nuna cewa waɗanda aka gano rauninsu kafin wata shida sun fi waɗanda aka gano daga baya harshe nesa ba kusa ba. Ɗana ya samu na'urar ji, ya yi magana, ya yi karatu, amma da jan ƙafa da hawaye, kuma har ya girma akwai sautukan da ba su zauna a bakinsa ba.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari masu yawa, sai na ga biyu ko uku ne kawai. Ku riƙe lissafin 1, 3, 6: a tantance ji kafin wata ɗaya, in bai wuce ba a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Tantancewar ba ta da zafi. A gwajin OAE ana sa ɗan toshi a kunne, na'ura ta aika sauti ta saurari amsar kunnen ciki, cikin 'yan mintuna jariri na barci. A gwajin ABR ana manna 'yan wayoyi a goshi da bayan kunne a ga ko saƙon yana bin jijiya. Jaririn da ya kwanta a ɗakin kulawa ko ya yi shawara mai tsanani ABR ya kamata a yi masa, domin OAE kan iya cewa PASS, wato ya wuce gwajin, alhali matsalar a jijiyar take.

Kada REFER ya tayar muku da hankali, yawanci ruwan haihuwa ne bai gama fita daga kunne ba, kuma raunin ji na dindindin yana samun jariri 1 zuwa 3 ne cikin 1000. Kai, ku bar shi ma ya tayar, in tashin hankalin ne zai kai ku asibiti. Ku 'yan zamani kuna iya kwana kuna kallon bidiyon yadda ake naɗe jariri, amma komawa gwajin da aka rubuta muku a takarda ya gagara. Kuma kada ku ce ai babu kurma a danginku, fiye da kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan yara iyayensu masu ji ne.

In an tabbatar, jariri ɗan wata biyu ko uku yana iya sa na'urar ji, ana dai canza abin da ke shiga kunnen yayin da yake girma. Mai rauni mai tsanani ana iya yi masa dashen na'ura a kunnen ciki wajen shekara ɗaya. Ku fara maganar hannu tun kafin nan. Ni na ƙi ta, ina tsoron za ta hana shi magana, sai na bar shi ba wannan ba wancan. PASS ɗin ma ba hatimi ba ne, sanƙarau da CMV, wata ƙwayar cuta da jariri kan iya ɗauka tun a ciki, kan ɗauke ji daga baya. Yaron da ya kai wata goma bai jera "ba-ba" ba, ko ya daina abin da ya fara, a mayar da shi a auna, ko da takardar haihuwarsa ta ce lafiya lau.