Yadda na nemi saiwar Larabci a cikin jam'in Hausa

Na shafe shekaru ina koyar da sarfu, wato ilmin ginin kalmar Larabci, a wata Islamiyya a Agege, har ya zame mini jiki in ɗora kowace kalma a kan mizanin fa'ala, ma'aunin baƙaƙe uku da ake gwada kalmomin Larabci da shi. A Larabci baƙaƙe uku, k-t-b, su ne ke riƙe da ma'anar rubutu, sai a zuba musu wasula bisa awo daban-daban a sami kataba, kaatib, kitaab, kutub da maktab. Masanin harshe John McCarthy ya tsara wannan fahimta a 1979 da 1981, inda ya raba saiwar baƙaƙe da wasula da kuma awon da ke haɗa su. Da na lura cewa gulbi yana ba da gulabe, birni birane, kasko kasake, sai na ɗauka cewa Hausa ma haka take, musamman da yake masanin harshe Joseph Greenberg ya nuna tun 1955 cewa jam'in da ake cusa wa wasalin a a ciki yana nan a rassa da dama na dangin da ya haɗa Larabci da harsunan Cadi irin su Hausa.

Na sayi littafin rubutu, na ja layi uku a kowane shafi, na baƙaƙe da na tilo da na jam'i, ina cika shi da daddare bayan sallar lisha. A shafin farko komai ya tafi daidai: g-l-b, b-r-n, k-s-k, kowanne da dogon a kafin baƙi na uku, da e a ƙarshe, da karin sauti sama, ƙasa, sama. Amma da na rufe layin tilo da hannuna, na gwada gina jam'in daga baƙaƙen kaɗai, sai abin ya ci tura. Babu abin da zai gaya mini cewa wasalin farko u ne a gulabe, i ne a birane, a ne a kasake, sai na koma ga tilon na ɗauko shi. Baƙaƙen kuma ba su da wata ma'ana tasu, domin k-s ɗin da ke cikin kasa da kusa da kisa bai haɗa su a kan komai ba.

Kalmomi masu baƙi biyu ne suka ƙarasa warware mini zato. Wuri yana ba da wurare, damo damame, wato ana maimaita baƙin ƙarshe don cike gurbi na uku, amma kifi yana ba da kifaye, zomo zomaye. A layina na farko w-r da k-f tamkar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, alhali bambancin yana ga nauyin gaɓar farko: wu gajere ne, ki na kifi kuwa dogo ne, ko da yake rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna hakan. Ka'idar tana duban tushen kalma ne cikakke, da wasalinsa da tsawonsa, kamar yadda say- ba ya motsi a saya, saye, sayo da sayu cikin rukunan aikatau bakwai da masanin Hausa Parsons ya tsara.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne da na mayar da wannan gwaji kan Larabcin da nake koyarwa. Maktab yana ba da makaatib, miftaah yana ba da mafaatiih. Harafin m ɗafa-goshi ne, ba ya cikin k-t-b ko f-t-h, amma ga shi ya bi kalmar har jam'i, kuma tsawon wasalin gaɓar ƙarshe ma daga tilo aka gaje shi. Irin wannan hujja ce McCarthy da abokin aikinsa Prince suka kafa a 1990 cewa jam'ut taksir, wato jam'in Larabci da ke sauya cikin kalma, daga tilo ake gina shi.

Duk da haka ban jefar da layin baƙaƙen ba, kuma wani dattijo mai sayar da goro kusa da masallacinmu ne sanadi. Na ce buzaye ina nufin masu gadin layinmu, sai ya ce, "Malam, mu da muka taso, bugaje ake cewa." Na tsaya ina juya kalmar, domin babu g a buzu. Tsohon tushen bugz- ne, g ya koma wasali da ya faɗo a ƙarshen gaɓa, canjin da ake kira dokar Klingenheben, kamar yadda k ya yi a ɓauna mai jam'in ɓakane, z kuma ya zama j a gaban e. Ashe tushen da jam'i ke dubawa ba lallai ne ya zama wanda kunne ke ji a tilo ba. A daren na ƙara layi na huɗu a littafin, na tsohon tushe, na rubuta bugz- da ɓakn- a samansa.