Talata, bayan shifta

Sanyin Tehran ya fara shiga ƙashi. Da safe shayi da gurasa, sai aji.

An raba mana takardun shiftar makon jiya. Tawa alhamdulillahi. Ta Bahrom kuwa jan biro ya cinye ta, kuma abin ya tsaya mini a rai har yanzu. Yaron nan da Farisanci ya buɗe baki a Dushanbe, babban birnin Tajikistan, shi yake gyara mini magana a kasuwa, amma ni da na zo ina kame-kame na fi shi maki.

Da muka koma ɗaki ya shimfiɗa takardar a kan gado ya ce, "Ɗan'uwa, duba mini, mene ne laifin wannan?" Malama ta faɗi watan Safar, shi kuma ya rubuta سفر da sin, wato tafiya. Watan da sad ake rubuta shi, صفر. A baki babu bambanci ko kaɗan. A rubutunsu na Sirilik, haruffa irin na Rashanci, duka biyun ma сафар ne. Farisanci ya aro haruffan Larabci ya riƙe su, alhali furucinsu ya haɗe: sautin s haruffa uku ne, ث س ص, sautin z huɗu, ز ذ ض ظ. Tajik, wato Farisancin su Bahrom, ya tattara na farko a с, na biyu a з. Kunne ba zai gaya maka wanne za ka ɗauka ba, sai ka san asalin kalmar. Ni allo da Islamiyya suka ba ni wannan tun ina yaro, shi babu wanda ya ba shi.

Sai ya karɓi birona ya ce to shi ma bari ya nuna mini nasa. Ya rubuta کتاب من, littafina. Ya ce, "Ina wasalin da ke haɗa kalmomin biyu?" Babu shi. Ana furta shi, ba a rubuta shi, kamar yadda ba a sa fataha da kisira da rufu'a sai a littafin yara. Ya rubuta nasu daga hagu zuwa dama, китоби ман, ga и ɗin nan a fili a jikin kalmar. Saboda shi ne ma suka ware ӣ mai sanda a ka, don a gane i na ƙarshen kalma da ba na haɗi ba. Na kuma lura alif mai ja ya zama о a wurinsu, shi ya sa yake cewa kitob, kuma ƙasarsu Tojikiston.

Wanda ya fi burge ni شیر ne. A nan Tehran zaki da madara duk shir ake ce musu, rubutu ɗaya, furuci ɗaya. Su kuwa zaki шер ne, madara шир. Tsohon bambanci ne da Farisancin da yake da shi, bakin mutanen Tehran ya yar, nasu ya riƙe, Sirilik kuma ya fito da shi a takarda. Don haka ban yarda da masu cewa rubutun nasu lalata harshe kawai ya yi ba. Ya adana wasula, abin da ya zubar shi ne asalin baƙaƙe.

Muna ta dariya har ya ɗauko maganar kakansa, sai ɗakin ya yi nauyi. Har zuwa 1928 da haruffan Larabci ake rubuta Tajik. Gwamnatin Sobiyet ta mayar da su na Latin, a 1940 kuma aka koma Sirilik, aka ƙara haruffa shida da Rashanci ba shi da su: ғ ӣ қ ӯ ҳ ҷ. Rubutu uku a cikin rayuwar mutum ɗaya. Ya ce akwai takardun kakan kakansa a akwati a gidansu, mahaifiyarsa tana naɗe su a ƙyalle, ba mai iya karantawa. Dalilin zuwansa nan ke nan. Na tuna wasiƙun ajami na Baba Malam da ke cikin adakar Inna, waɗanda su Hadiza ba sa iya fitar da ko layi ɗaya. Ban gaya masa ba, maƙogwarona ne ya ɗaure.

Da dare shi ya yi girki. Ya aike ni sayo kartoshka, mai shago ya tsaya yana kallona, don a nan sib zamini ake ce wa dankali. Kartoshka kalmar Rashanci ce da ta maƙale wa su Bahrom.

Mun yi yarjejeniya. Kullum bayan isha zan jera masa kalmomin sad da dad da ɗa mai hannu, shi kuma ya koya mini haruffansu 35. Wanki yana nan jibge. Gobe kuma akwai nahawu ƙarfe takwas.